Mun cire sarauniyar gara, amma gara ba ta bar gidan ba

"Malam, akwai wani suri a bayan gidanmu da ya kai ƙirjin mutum tsayi. Da bazarar bana muka biya wani mai haƙa ya fasa shi, ya ciro mana sarauniyar, fara mai kauri kamar babban yatsa, ya ce magana ta ƙare tunda an kashe shugaba. Yau wata huɗu ke nan, gara na nan tana cin azarar ɗakin mahaifiyata. Shin cutarmu ya yi? In sarauniya ce mai ba da umarni, wa ke ba su yanzu? Zago ne mijinta? Kuma haka tsarin yake a gidan tururuwa?"

Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ban ga alamar cuta a aikin mai haƙan nan ba, abin da ya ciro maka sarauniya ce ta gaske. Inda ya kuskure shi ne kalmar "shugaba". Sunan sarauniya da muka ba ta shi ke ruɗa mu, sai mu ɗauka akwai fada, akwai mai zartar da hukunci, in ya faɗi gari ya watse. A cikin suri babu mai ba da umarni ko ɗaya. Wadda ka gani uwa ce, aikinta zuba ƙwai, kuma ko fita daga ɗakinta ba ta iyawa.

Surin da ya kai ƙirji, mai jar ƙasa da tauri, a ƙasarmu galibi na babbar gara ne wadda masana ke kira Macrotermes. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce Macrotermes bellicosus, wadda wani Bature, Henry Smeathman, ya bayyana gidanta daga Saliyo tun 1781. A nan Najeriya ma an yi mata dogon nazari a Mokwa cikin shekarun 1970. Don haka a kanta zan gina bayanina, sannan mu koma kan tururuwa.

Abin da ke cikin surin

Ranar da na fara tsayawa a kan haƙar suri daga farko har ƙarshe, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tudun da muke gani a sama kusan fanko ne. Hanyoyin iska ne a cikinsa, kamar bututun hayaƙi. Garin kansa yana ƙasa, daidai doron ƙasa ko ƙasa da shi kaɗan. Da diga ta ratsa ɓawon, sai wani ɗumi mai laima ya buso, da wari irin na rumbun da ruwa ya taɓa. Sai ga wasu dunƙule-dunƙule masu ramuka kamar soso, launin ƙasa-ƙasa, masu saurin marmashewa a hannu, da 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi a jikinsu kamar an barbaɗa gero. Ka riƙe waɗannan a ranka, zan dawo kansu, domin su ne tukunyar gidan. A tsakiyarsu mai haƙa ya ciro wani curin yumɓu mai tauri, girmansa kamar ƙaramar ƙwarya a kife. Sai da aka sa adda aka tsaga shi a hankali.

A ciki ta kwanta. Kanta da ƙirjinta da ƙafafunta shida ba su fi na shingen da yara ke kamawa a gindin fitila ba. Duk sauran ciki ne, fari, yana motsi a hankali kamar ana matsa shi daga ciki. In ka duba bayanta za ka ga 'yan layuka masu duhu a jere, nesa da juna. Ragowar ɓawon jikinta ne na lokacin da take shinge, fatar da ke tsakaninsu ce ta miƙe har ta kai haka. Babba tana kai santimita 10 ko fiye, tana zuba ƙwai kusan 20,000 a yini, tana kuma iya rayuwa har shekara 20. Ƙofofin ɗakin ƙanana ne, ma'aikaci ne kawai ke iya ratsawa. Wasu na kawo mata abinci baki da baki, wasu na lasar jikinta, wasu na jiran ƙwai a bayanta su kwashe zuwa ɗakunan reno.

A gefenta, in mai haƙa bai yi gaggawa ba, za a ga wani ƙwaro mai duhu, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, yana neman ɓuya a ƙarƙashinta. Wannan shi ne mijinta, sarki. Sau da yawa masu haƙa ba sa ma lura da shi. Tare suka fito daga gidajen iyayensu a wani dare na farkon damina, suka sauka, suka karya fuka-fukansu, macen na gaba namijin na bin ta a baya har suka sami ƙasa mai laushi suka shige. 'Ya'yan farko da abin da ke jikinsu suka rene su, ba tare da sun fita neman abinci ba. Shekarun farko gidan a ɓoye yake a ƙasa, sai daga baya tudu ya ɓullo. Kuma sarki yana tare da ita har mutuwa, yana ci gaba da saduwa da ita. Cikin dubban shingen da ke tashi a dare ɗaya, kaɗan ƙwarai ke kai wannan matsayi; tsuntsaye da kwaɗi da ƙadangaru da tururuwa da mu kanmu mun cinye sauran.

Ka ga ke nan zago ba mijinta ba ne. Abin da zai ba ka dariya ma, zago mace ce. A wannan jinsin duk sojoji mata ne da ba sa haihuwa, manyan masu jan kai da ƙananan duka. Ma'aikata kuwa iri biyu ne: manya maza ne, ƙanana mata, su ma ba sa haihuwa. Dukkansu 'ya'yan sarauniya da sarki ne, kuma makafi ne. Masu ido su ne shinge kaɗai, tunda su ne za su fita sarari.

Zago ba ta iya ciyar da kanta. Muƙamuƙanta sun zama almakashi, ba su tauna, sai ma'aikaci ya ɗura mata a baki. Ka gwada fasa gefen suri da sanda ka tsaya ka kallo. Ma'aikata za su janye ciki, zago su fito su tsaya a bakin ramin da baki a buɗe. In ka kasa kunne za ka ji wata ƙara kamar ana yayyafa tsakuwa a kan busasshen ganye: sojoji ne ke buga kawunansu a ƙasa, na kusa ya ji girgizar shi ma ya buga, har saƙon ya kai can ciki. Bayan ɗan lokaci ma'aikata su dawo, kowa da ɗan curin laka a baki, su fara toshe ramin. Na sha ganin sun rufe shi ruf alhali sauran zago na waje. Waɗannan sun mutu ke nan. A lissafin gidan, soja abu ne da ake kashewa a sake wani, shi ya sa ba su da yawa, 'yan kaɗan ne cikin ɗari.

Wa ke cewa a yi?

Babu kowa. Wannan shi ne wurin da ya fi wuyar shiga kai, ni ma na daɗe kafin ya zauna mini.

Ɗauki gini. Ma'aikaci ya ɗauko laka ya cakuɗa da yawunsa ya ajiye. Warin yawun da kuma ɗan tudun da ya yi su ke jawo na bayansa ya ajiye nasa a kai. Inda aka fi ajiyewa nan ya fi jan hankali, sai ginshiƙi ya tashi. In wani ginshiƙin ya tashi kusa da shi, kawunansu su karkato su haɗu, an sami baka. Babu wanda ya ga taswira. Aikin da aka riga aka yi shi ke nuna aikin da za a yi gaba. Masanin Faransa Pierre-Paul Grassé ne ya fara bayyana wannan a 1959, daga kallon gara irin wannan tamu. Haka ma toshe rami: iskar waje mai bushewa da ke shigowa ita ce kira, in ta daina shigowa aiki ya tsaya.

Rabon aiki kuma shekaru da girman jiki ke yin sa. Matasan ma'aikata na ciki, suna reno da kula da abinci. Tsofaffi su ke fita, inda haɗari yake. Wanda kwanansa ya kusa ƙarewa shi ake turawa bakin daga, ba don wani ya tsara haka a zaune ba, sai don gidajen da suka yi haka su ne suka wanzu.

To ina tasirin sarauniya? Yana cikin warin jikinta. Ma'aikatan da ke lasarta suna ɗaukar sinadaran da take fitarwa, su ba na kusa da su baki da baki, har ya zagaye gidan. Saƙon ɗaya ne: uwa na nan da rai, tana haihuwa. Muddin saƙon na yawo, babu wadda za ta taso ta zama mai haihuwa. A 2010 masu bincike a Japan sun ware irin wannan sinadari a wata gara ta can, suka nuna shi kaɗai ya isa hana sababbin sarauniyoyi fitowa. Har girman ɗakinta warin ne ke tsara shi. An gwada ajiye sarauniyar Macrotermes a fili tare da ma'aikata, sai suka fara gina bango kewaye da ita a wata tazara daidai, inda warin ya ragu zuwa wani mataki. Tana ƙara girma, suna rushewa suna faɗaɗawa.

Saboda haka ranar da aka cire ta, ba wanda ya rasa mai gaya masa aikinsa. Masu fita sun fita, masu gini sun yi gini. Abin da ya yanke shi ne ƙwai.

Yanzu mu koma kan soson nan. Babbar gara ba ta iya narkar da itace da kanta yadda ya kamata. Noma take yi. Tsofaffin ma'aikata su kawo guntayen kara da ciyawa da itace. Matasa su ci, abin ya ratsa cikinsu da sauri ba tare da ya narke ba, su kasayar da shi su gina soson da shi. A kan soson wata fumfuna ke tsiro, sunanta Termitomyces, wadda ba ta rayuwa ko'ina sai a gidan gara. Ita ke ruɓar da itacen cikin makonni, sannan gara ta ci tsohon ɓangaren soson daga ƙasa tana ƙara sabo a sama. Fararen ƙwayoyin nan kuwa abinci ne mai gina jiki, su ne kuma irin shuka. Fumfunar na son ɗumi kusan digiri 30 da laima dare da rana, rani da damina, kuma dalilin gina tudun ke nan. A dajin Comoé na Kwaddibuwa an lura cewa wannan jinsin yana gina dogon suri mai tsage-tsage a fili inda rana ke duka, amma a inuwar kurmi sai ya yi gajere mai kaurin bango don riƙe ɗumi. Azarar ɗakin Hajiya, a wurin gara, taki ce da ake kai wa gona.

Me ya faru a gidanku

Abu uku ne ke iya sa a cire sarauniya ɓarna ta ci gaba, kuma kowanne da yadda ake gane shi.

Na farko shi ne jinkiri kawai. Mai haƙa ya tafi da uwa, ya bar dubban ɗaruruwan ma'aikata da ƙwai da ƙananan da ba su gama girma ba, ga gona cike da abinci. Ma'aikaci yana rayuwar 'yan watanni, ƙananan kuma za su girma su maye gurbin na farko. Wata biyu, uku, ba za ka ga bambanci ba. Amma a wata na huɗu ya kamata a ce abin ya yi sanyi sosai. In har yanzu sabuwar laka na hawa bango da ƙarfinta, wannan bayanin bai isa ba.

Na biyu shi ne an naɗa wata, kuma lokacin da kuka yi haƙar ya sa na fi karkata nan. Da bazara suri cike yake da 'ya'yan shinge masu jiran ruwan farko su tashi. Kowace mace a cikinsu tana iya zama uwa. Da warin tsohuwa ya ɗauke, wasu daga cikinsu sai su karya fuka-fukai a cikin gida su zauna, ma'aikata su gina musu ɗaki. An gwada wannan a Kenya a kan wata 'yar'uwar wannan garar: gidajen da aka cire wa sarki da sarauniya a lokacin da akwai 'ya'yan shinge a ciki sun iya maye gurbinsu. A can ma an tarar da gidaje masu sarauniya fiye da ɗaya tun asali. Da za a tambaye ni lokacin haƙa, sai in ce bayan shinge ya gama tashi, ba kafin ba. Matsalar ita ce masu haƙa sun fi samun lokaci da rani, kafin aikin gona ya kankama.

Gwajin mai sauƙi ne. Da yamma ka sa diga ka buɗe rami kamar faɗin tafin hannu a abin da ya rage na surin, mai zurfi har ka ga hanyoyi. Ka dawo da asuba. In ka tarar an toshe shi da sabuwar laka mai danshi, mai duhu fiye da ta kewaye, gidan na da rai. In ramin na nan a buɗe, ka ƙara haƙawa ka duba soson. Na gidan da ya mutu yakan rufe da wata baƙuwar fumfuna mai toka-toka, wani lokaci har da tsinkaye kamar ashana suna fitowa, domin ma'aikatan da ke yi wa gonar shema sun ƙare. Kiyashi da cinnaka ma za ka gan su sun tare a ciki.

Na uku shi ne wanda na fi cin karo da shi a aiki: garar da ke cin ɗakin ba ta surin ba ce sam. An taɓa kirana wata makarantar firamare inda aka haƙa suri biyu a filin wasa, aka kashe kuɗi, amma ƙofofi da allunan aji na ci gaba da zama gari. Na ɓare lakar da ke jikin wata ƙofa, na kakkaɓe a kan farar takarda. Ma'aikatan ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sojojin kuma 'yan mitsi-mitsi masu kai ruwan ɗorawa. Babu zago ko ɗaya. Wannan Microtermes ce, ba ta gina tudu ko kaɗan. Gidanta 'yan ƙananan ɗakuna ne a warwatse a ƙarƙashin ƙasa, kowanne da ɗan sosonsa, ba ka da inda za ka sa diga ka ce nan uwar take. Ita ce kuma ke shiga saiwar gyaɗa da karan masara ta cinye cikinsu, manomi ya ga shuka ta yi yaushi ko ta kwanta ba dalili. Surikan da aka rushe ba su da laifi a wannan shari'ar.

Don haka kafin ka sake biyan kowa, ka nemo soja daga azarar kanta. Da sassafe ka ɓare lakar da ke jikinta ka kakkaɓe a faranti. In ka ga zago mai babban jan kai wadda in ta kama yatsa sai jini, Macrotermes ce, kuma ko dai surinku ya farfaɗo ko wani suri ne na maƙwabta, tunda hanyoyinsu na ƙarƙashin ƙasa suna tafiya mita gommai. In ƙanana ne kamar waɗanda na faɗa, ka manta da haƙa. Akwai kuma wata mai ɗan ƙaramin suri a saura, sojanta ba shi da almakashi sai kai mai tsini kamar butar shayi, yana feso wani ruwa mai danƙo. Wannan Trinervitermes ce, ciyawa take ci, ba ruwanta da ɗakinka. Daga nan inda nake ba zan iya yanke maka wacce ce a gidanku ba sai an ga sojan. Ka sa biyu ko uku a ƙaramar kwalba da ɗan sifirit ka kai wa malamin gona.

Ko wacce ce, raunin gidan gara a wurin ma'aikaci yake. Shi ke ciyar da uwa da soja da yara da gona, kuma jikinsa laushi ne, ba ya jure bushewa, shi ya sa yake rufe hanyarsa da laka. Ka raba itace da ƙasa, ka ɗauke tarin kara da itacen girki daga jikin bango, ka gyara inda ruwan alwala ko na indararo ke jiƙa gindin gini, ka riƙa kankare hanyoyin laka duk mako don ka san inda suke ɓullowa. In za a sa magani, wanda ke kashewa nan take ba ya kaiwa ciki, na gaba ne kawai ke mutuwa sauran su canza hanya. Wanda gara ba ta jin warinsa, mai aiki a hankali, irin mai sinadarin fifronil, shi ma'aikaci ke kwasowa a jikinsa ya kai gida, lasar juna ta yaɗa shi. A nemi mai rajista, a bar wanda ya iya ya sa. Zuba fetur ko baƙin mai a rami kuwa, musamman in akwai rijiya a gidan, ɓarnarsa ta fi ta garar.

Gidan tururuwa

A ido kamar abu ɗaya ne, amma ba dangi ba ne. Gara 'yar'uwar kyankyaso ce; nazarin ƙwayoyin gado da aka buga a 2007 ya nuna ma reshe ce a cikin dangin kyankyasai. Tururuwa da kiyashi da cinnaka da gwano da kwarkwasa kuwa dangin rina ne da kudan zuma. Kowane ɓangare ya isa ga zaman gari ta hanyarsa.

Babban bambancin shi ne a gidan tururuwa babu sarki. Duk wadda ka gani tana jan ƙwayar gero mace ce. Namiji daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba yake fitowa, ba ya aikin komai, ana ciyar da shi har ranar tashi, ya sadu da mace ya mutu cikin kwanaki. Karin maganar nan da ke cewa in tururuwa ta so lalacewa sai ta yi fiffike, a kan namijin ta faɗa daidai. Macen kuwa daga nan rayuwarta ke farawa. Tana adana maniyyin wannan tashi ɗaya a wata 'yar jaka a cikinta, da shi za ta yi amfani duk tsawon ranta. An taɓa riƙe sarauniyar wata baƙar tururuwa ta Turai a ɗakin bincike kusan shekara 29 tana haihuwa, mijin ya mutu tun makon farko.

Yaran ma daban suke. Ɗan gara yana fitowa daga ƙwai da ƙafafunsa, fari, kamar babba a ƙanƙance, yana saɓa yana girma. 'Yar tururuwa tsutsa ce marar ƙafa, sai an ɗauke ta an ciyar da ita, sannan ta kwanta ta rikiɗe. Fararen abubuwan da kake gani suna gudu da su in ka ɗaga dutse, waɗanda muke ce wa ƙwai, yawancinsu waɗannan ne. A jinsuna da yawa, yawan abincin da tsutsa ta samu shi ke sa ta zama ƙarama, ko mai babban kai, ko sarauniya. Shi ya sa "soja" a wurin tururuwa babbar ma'aikaciya ce kawai. A wurin tururuwarmu mai tara hatsi, masu manyan kawunan sun fi amfani wajen fasa ƙwaya mai tauri. Rumbunanta na ƙarƙashin ƙasa kuwa ba wasa ba ne, dattawa a Nijar da arewacin Najeriya sun san shekarun yunwar da mata suka riƙa haƙa gidan tururuwa suna sheƙe abin da ke ciki. Yawancin jinsunan tururuwa ma ba su da soja ko kaɗan.

In kana son ganin tsarin biyu sun gwabza, ka bi jerin gwano, irin manyan baƙaƙen nan da ke tafiya a sahu suna ƙara in an taɓa su, waɗanda masana ke kira Megaponera. Gara kaɗai suke ci. Ɗaya ce ke fita leƙen asiri, in ta gano inda gara ke kiwo a ƙarƙashin laka sai ta koma ta jawo ɗaruruwa a kan sawun warin da ta bari. Manya su fasa lakar, ƙanana su kutsa su kashe, a kwaso gawarwaki a baki a dawo a jere. Jagorancin mai leƙen asirin na wannan fita ɗaya ne, gobe wata ce. Zago kuma ba ta barin su haka, tana datse ƙafa ko ta maƙale a jiki. A 2017 da 2018 Erik Frank da abokan aikinsa, a dajin Comoé ɗin nan, suka nuna cewa wadda ta ji rauni tana fitar da wani wari, 'yan'uwanta su ɗauke ta su kai gida, a cire mata zagon da ya maƙale, a lashe raunin. Mafi yawansu suna warkewa su koma fita. Wadda ta rasa ƙafa biyar kuwa ba a ɗaukarta, kuma ita ce ke ƙin ba da haɗin kai, tana ta birgima har a wuce.

Kwarkwasa ta kai abin ƙarshe. Ba ta da gida na dindindin, gari ɗaya na iya kai miliyoyi, sarauniyarta ba ta taɓa yin fiffike ba, kuma in za a kafa sabon gari sai tsohon ya rabu biyu. Katon ƙwaron nan mai dogon ciki ruwan zuma da ke faɗowa a gindin fitila yana ta juyi, namijinta ne. Wasu nau'o'inta na ƙarƙashin ƙasa suna afka wa suri su cinye har uwar, musamman wanda aka riga aka fasa masa bango.

Game da cire uwa, a yawancin tururuwa masu sarauniya ɗaya gidan yana ƙarewa a hankali, domin ma'aikaciya ko ta yi ƙwai maza kawai za ta haifa. Amma wasu ƙananan kiyashin cikin gida sarauniyoyi da yawa gare su a gida ɗaya. Ka fesa musu magani su tsorata, sai su kwashi yara su rabu gida uku ko huɗu a cikin tsagar bango. Su abinci mai guba a hankali ake ajiye musu a kan hanyarsu, a bar su su kai ciki da kansu, kuma kada a share layin ko a fesa masa komai har kwana da yawa.

Ka fara da gwajin ramin nan yau da yamma, gobe da asuba ka duba shi, ka kuma kakkaɓo sojan azarar. In azarar ta riga ta yi fanko, ka ƙwanƙwasa ta ka ji. Mai amon ganga a canza ta kafin ruwan ƙarshen damina ya ƙara wa rufin nauyi, Hajiya kuma ta koma wani ɗakin har a gama.